Neman kalmar Hausa: me za mu kira «relance» da «mise en demeure»?

Rabi: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Asabar mai zuwa zan koyar da matan wata ƙungiya ta masu ɗinkin jakunkunan fata a Damagaram yadda ake rubuta imel da Faransanci ga wanda ya karɓi kaya ya wuce lokacin biya. Wani shago a birnin Lyon na Faransa ya karɓi jakunkuna na Yuro 2,400, an rubuta takardar kuɗin ranar 3 ga Maris da sharaɗin biya cikin kwana 30, ranar 2 ga Afrilu ta wuce shiru. Saƙo uku na shirya, daga mai laushi zuwa mai tsauri. Bayanin darasin kuwa da Hausa zan yi shi, kuma na rasa abin da zan kira «relance» da «mise en demeure», domin idan na ce tunatarwa ga duka ukun, matan za su ɗauka abu ɗaya ake maimaitawa. Ku taimaka mini kafin Alhamis, ranar da za a buga takardun.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan ai sammaci ne. Ni da wani ya riƙe mini kuɗin atamfa a Kantin Kwari wata bakwai, ba abin da ya motsa shi sai takardar kotu. Takardar kuɗin kuma ki ce rasit.

Malam Sani: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma sammaci kotu ce take bayar da shi, waɗannan saƙonni kuwa mai bin bashi ne yake rubuta su da hannunsa tun kafin a kai ga alƙali. Rasit kuma shaidar an biya ne, alhali «facture», wato takardar kuɗin, neman a biya take yi. Rabi, kafin ki zaɓi kalma ki dubi abin da kowane saƙo yake yi. Na farko, wanda za ki aika kamar mako guda bayan ranar biya, yana buɗe wa mai bashi ƙofar fita ba tare da kunya ba. Shi ya sa ake farawa da «Bonjour Monsieur», a ce «Sauf erreur de notre part, la facture n° 14 reste impayée», wato idan ba mu ne muka yi kuskure ba, ba a biya ba tukuna, a ƙara da «Il s'agit sans doute d'un oubli», ma'ana mai yiwuwa mantuwa ce, a liƙa kwafin takardar kuɗin, a rufe da «Cordialement». Na biyu, bayan mako biyu, ya janye uzurin mantuwa: «Malgré notre relance du 9 avril», sannan a faɗi ranar da ake jiran kuɗin. Har nan duk «relance» ce. Shawarata ki kira aikin gaba ɗaya bibiyar bashi, ki ce bibiya ta farko da bibiya ta biyu, domin kalmar tana ɗauke da ma'anar komawa kan abu sau da yawa, wadda tunatarwa ba ta da ita.

Hajiya Mariya: Ni tuni na fi so ga na farkon. "Na yi masa tuni" magana ce da kowace mace ta sani, kuma tana da kara irin ta «oubli» ɗin nan. Bibiya kuwa ina jin ta kamar an sa wa mutum ido. Na ukun a ce gargaɗi kawai.

Malam Lawali: Duk kuna kewaye-kewaye ne. Hausa tana da ƙirar da za ta ɗauki wannan, irin ta "tuma-ƙasa" da "faɗi-tashi". Na daɗe ina ba da shawarar "taso-bashi" ga «relance», domin ainihin kalmar Faransancin sake tayar da abin da ya kwanta ne. Na ukun kuma "ƙure-bashi". Abin da ba zan lamunta ba shi ne abin da nake ji a ofisoshin Yamai, inda ake cewa "na yi masa rulans", kamar harshenmu ya talauce.

Alhaji Bala: To mu a Kano notis muke cewa, kowa kuma ya gane.

Malam Lawali: Alhaji, da girmamawa, notis ɗin ma aro ne. Me ya sa aron Ingilishi yake zama Hausa tsantsa idan ya fito daga Kano, na Faransanci kuma a ce gurɓata ne idan ya fito daga Maraɗi? Ko dai a ƙi su duka, ko a karɓe su duka.

Hajiya Mariya: Malam, maganarku ta biyu gaskiya ce, kuma ta daɗe tana ci mini rai. Amma "taso-bashi" idan aka karanta wa matan nan, sai an sake fassara musu shi, yarinyar nan kuma Asabar take da darasi.

Malam Sani: Mu koma ga na ukun, don a nan kuskuren fassara yake iya jawo asara. Hajiya, gargaɗi ya ɗauki rabin ma'anar ne. «Mise en demeure» mataki ne da doka ta san da shi, kuma yana da sassan da ba a barinsu: a rubuta kalmar kanta a kan saƙon, a faɗi adadin kuɗin da lambar takardar, a yanka lokaci, a faɗi abin da zai biyo baya. Gaisuwa ta koma «Madame, Monsieur», jimlar ta zama «Nous vous mettons en demeure de régler la somme de 2 400 € sous huit jours», sai «À défaut, nous serons contraints d'engager une procédure de recouvrement», a rufe da «Veuillez agréer, Madame, Monsieur, l'expression de nos salutations distinguées». Abin da ya raba shi da sauran shi ne lokacin da aka yanka, saboda haka ni takardar wa'adi zan ce. Kuma ki gaya wa matan kada su dogara da imel kaɗai a wannan mataki, domin mai shago yana iya cewa bai gani ba. A aika ta gidan waya a matsayin «lettre recommandée avec accusé de réception», wadda mai karɓa yake sa hannu, shaidar ta dawo gare su. Da ita ake zuwa kotu neman «injonction de payer», wato umarnin alƙali na a biya, hanyar da take akwai a Faransa, take kuma akwai a dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, da Nijar take aiki da su.

Rabi: Malam, na ga a takardun Faransa ana ƙara Yuro 40 a kan bashin. In sa shi a saƙo na biyu?

Malam Sani: Wannan diyyar kuɗin bin bashi ce da dokar kasuwanci ta Faransa ta kafa tsakanin 'yan kasuwa, ban da tarar jinkiri. Sai dai tana aiki ne idan dokar Faransa ce take hukunta cinikin, don haka ki duba yarjejeniyarsu da abin da aka rubuta a ƙasan takardar kuɗin tukuna. Idan ba a ambaci komai ba, kada ki koya musu neman kuɗin da ba za su iya kare hujjarsa ba, domin mai bashi yana kama ƙaramin kuskure irin wannan ya mayar da shi dalilin ƙara jinkiri.

Malam Lawali: Takardar wa'adi na karɓa, tun da babu aron Ingilishi ko Faransanci a cikinta, ko da yake wa'adi ma daga Larabci ya zo. Bibiya kuwa ban gamsu ba, ana bibiyar labari, ana bibiyar mara lafiya, ba ta keɓanta da bashi ba.

Rabi: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta tuni ga saƙo na farko, takardar wa'adi ga na uku, in sa kalmar Faransancin kusa da kowanne don su gane ta a allo. Na biyun ne har yanzu ban yanke ba tsakanin tuni na biyu da bibiya. Zan karanta musu duka biyun ranar Asabar in ji wanda bakinsu ya fi kamawa.

Malam Lawali: Ki haɗa da "taso-bashi" a cikin waɗanda za ki karanta musu, 'yata, ko da a ƙarshe ne.