Bitar ayyukan baya a memwar: a bi marubuta ko a bi batutuwa?

Rabi: Salamu alaikum. Ina rubuta memwar ta lisans kan sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a rene shi, a gonakin Agye. Na karanta ayyuka 14, na ba kowane marubuci sakin layinsa. Wani yayana ya duba ya ce wannan ba bita ba ce, jerin sunaye ne, wai dole a tsara bisa batutuwa, a sa sakin layi mai haɗa su. Ni ban yarda dole ba ne. Me kuka gani?

Lawali: Wa alaikumus salam. Ina bayanki, ƙanwata. Ranar sutnans malamai so suke su ga kin yi karatu. In kowa na da sakin layinsa, da kallo ɗaya za su ƙirga 14. Kuma batunki tarihi ne da shi: masanin noma Tony Rinaudo ya fara sassaben da manoman Maradi a 1983, masu bincike suka biyo baya. Ki bi shekaru kawai.

Sani: Ai ƙa'ida ce a jera su daga A zuwa Z, ban ga abin gardama ba.

Lawali: Sani, wancan jerin manazarta ne na ƙarshen kundi. Babi na biyu ake magana.

Malam Issufu: Lawali yana da gaskiya a wuri ɗaya. Yadda sassaben ya faro ya bazu labari ne, labari kuwa da shekaru ake ba da shi. Amma wannan sashe guda ne, shafi ɗaya ya ishe shi. Sauran babin fa?

Rabi, ɗauki ayyuka biyu da nake da tabbacin suna cikin 14 ɗinki. Reij da abokan aikinsa a 2009 sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma hakan na ƙara kusan tan 500,000 na hatsi a shekara. Haglund da abokan aikinsa a 2011 sun bi gidajen manoma nan jihar Maradi, suka tarar kuɗin shigar masu sassaben ya fi na sauran da kashi 18 zuwa 24 cikin 100, amma ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani a yawan hatsin da ake girbewa ba. In Reij yana shafi na 6, Haglund yana shafi na 9, da mutum huɗu a tsakaninsu, mai karatu zai wuce bai lura sun saɓa ba. Ke ma kina iya wucewa. Alhali wannan saɓanin shi ne dalilin da ya sa kike da abin nema a Agye.

Rabi: Duka biyun ina da su, Malam, kuma kusan haka suke nesa da juna a babin. To in na haɗa su, me zan ce? Ni ɗalibar lisans ce, ba zan ce wane ya yi kuskure ba.

Malam Issufu: Ba hukunci za ki yanke ba, ƴata. Ki nuna ta inda kowa ya bi ya samu adadinsa. Tan 500,000 ɗin lissafi ne: an ɗauka kowace hekta ta ƙaru da kilo 100, aka ninka da hekta miliyan 5. Ɗayan kuwa tambayar gida-gida ce a jiha guda. Faɗin wannan ba rashin kunya ba ne, shi ne aikin da aka sa ki.

Ga yadda za ki sake ginin ba tare da kin jefar da abin da kika rubuta ba. Samu babbar takarda, ki ja layuka. A gefen hagu ki sauko da ayyukan 14. A sama ki rubuta tambayoyin da memwar ɗinki ke yi, misali: me ya sa manomi ke barin kututture ya toho? Me itacen ke yi wa ƙasa da amfanin gona? Wa ke da iko da itacen in ya girma? Sai ki cika kowane gida da abin da marubucin ya samo, a ina, ta wace hanya, da lambar shafi. In kin gama, ki daina karantawa daga hagu zuwa dama, ki karanta daga sama zuwa ƙasa. Kowace tambaya ta zama sashe. Wadda mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka taɓa, ko dai ki haɗa ta da maƙwabciyarta, ko kuwa giɓin da kike nema ke nan.

Hadiza: Ni haka na yi a nawa na kiwon akuya, amma abin bai zo mini da sauƙi ba. Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro a kan duk sakin layin haɗin, ya rubuta "wa ya faɗa?" a gefe. A wurinsa duk jimlar da ba suna da shekara ra'ayi ne. Sai da na cire rabi. Shi ya sa nake cewa kowa ya fara tambayar malaminsa kafin ya rushe babi.

Malam Issufu: Tambayar malami wajibi ce, Hadiza, shi zai sa hannu. Amma sau da yawa jan biro na sauka ne in sakin layin haɗi ya shigo da sabuwar magana. In ɗalibi ya rubuta a can cewa gawo na ƙara yabanya, dole a ce wa ya faɗa. Wurin wannan cikin sashe ne, da sunan mai shi. Sakin haɗi ba ya ɗaukar komai sai abin da aka riga aka kafa a sama. Ga irin wanda Rabi za ta iya sawa tsakanin sashen amfanin gona da na mallakar itace:

"Ayyukan da aka duba a sama sun yarda cewa barin itace a gona yana ƙara wa gida abin hannu, amma ba su daidaita kan ko yana ƙara hatsi ba. Idan ribar ta fi fitowa daga itacen kansa, wato makamashi da abincin dabbobi, to manomi ba zai wahala da renon sabara ko kalgo ba sai ya tabbata shi zai more su. Saboda haka sashe na gaba ya duba wanda ke da ikon sara."

Jimla uku ce, kuma ba wadda za a nemi shaidarta a waje a cikinsu. Wanda ba shi da amfani shi ne irin "bayan mun ga kaza, yanzu za mu ga kaza". Gwajinsa mai sauƙi ne: ki musanya wurin sassa biyu. In sakin haɗin ya zauna daidai duk da haka, bai haɗa komai ba.

Lawali: Na ji, Malam, amma ga abin da ke damuna. Aiki ɗaya zai fito a sassa uku. Na ga kundin da aka yi wa haka, aka ce maimaici ya yi yawa.

Malam Issufu: Maimaici ne in kowane fitowa sai an sake gabatar da mutumin. Karon farko ki faɗi inda ya yi aikin da hanyarsa, Rabi. Bayan nan suna da shekara sun isa, tare da abin da ya shafi sashen kaɗai.

Lawali: Wannan ya yi wa mai 14. Wanda ya samu shida kacal fa, kamar masu aiki kan batun da ba a taɓa shi sosai ba? In ya raba shida gida uku, kowane sashe mutum biyu ne, jerin nan dai ya dawo da sabon kai. Ni har yanzu ina ganin a irin wannan gara a bi su ɗaya bayan ɗaya, a kwatanta su a ƙarshe.

Hadiza: A nan ina tare da Lawali.

Malam Issufu: Da shida ma ni sashe biyu zan yi, amma ba zan ƙi kundin da ya bi hanyarka ba muddin kwatancen ƙarshen na gaske ne.

Rabi: Na gode muku. Zan ja layukan daren nan. Abin da ban gane ba tukuna: dokar daji ta 2004, a sashen tarihi zan sa ta ko a na mallakar itace? Ina ganin ta shiga duka biyun.