Na ƙara wa kai girma, kama ta gudu

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Kawuna ya ce in zana shi da ƙaton kai don allon shagonsa na kayan babur, irin zanen cibi na Japanawa. Tsayin zanen santimita 12, kai 6, jiki 6. Da ya gani sai ya ce, “Wannan jaririn wa ya sa masa gemu?” Wa ya taɓa cin karo da haka?

Maman Hanifa: Cibi kuma? Na zaci maganin cibiyar jarirai ake nema. To Allah ya ba da sa'a.

Mai Alli, Marwa: Ɗan'uwa, na san inda ka faɗi, don ni ma can na faɗi da zanen wani ango. Babban mutum tsayinsa kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi, idonsa kuma a tsakiyar kai yake. Mu da mun kumbura kai sai mu sauke ido ƙasa, goshi ya yi faɗi, haɓa ta zama ƙwallo. Fuskar goyo ke nan, ko ka liƙa mata furfura. Ga dattijo kai uku nake yi: a santimita 12 ɗinka, kai 4, jiki 8. Ido ya tsaya a tsakiya, kada ka buɗe shi da yawa. Haɓa kuwa ka bar masa abarsa, in doguwa ce ta tafi a doguwa.

Bappa Kusiri: Duk wannan awo wahala ce. Ka sa hula da tabarau, kowa zai gane shi.

Mai Alli, Marwa: Bappa, rabin kasuwa hula da tabarau ne da su. Suna taimakawa, amma sai an haɗa da abin da yake nasa shi kaɗai.

Hajjo, Ngawundare: Ni hanci ne ya kayar da ni. Na yi wa yayata sitika ta WhatsApp, na sa ɗigo a wurin hanci kamar yadda ake yi, alhali dogon hancin nan ne aka san ta da shi. Ba wanda ya gane ta a gida. Na mayar da hancin, na bar wushiryarta da ɗaurin kallabinta mai karkata hagu, nan take Inna ta kira sunanta. Yanzu kafin in miƙa aiki sai in rage shi ya koma kamar farcen babban yatsa a waya, in nuna wa yaro ba tare da na ce komai ba.

Ɗan Garwa: Malam Mai Alli, hular fa? Zanna ce doguwa. Tana cikin santimita 4 ɗin?

Mai Alli, Marwa: Ni daga ƙoƙon kai nake awo, hula ƙari ce.

Hajjo, Ngawundare: Haba Malam, in bai taɓa cire ta a gaban mutane ba ai ta zama kai. Ka ɗora ta a kan 4, ga babbar riga ta shanye ƙafafu, sai ka ga tulu da murfi.

Ɗan Garwa: Bari in zana duka biyun, in kai wa matar kawu ta zaɓa.