Idan an mayar da rubutun tambari zane, lasisin haruffa ya faɗi?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum. Na ba wani yaro mai zane aikin tambarin sana'ata ta turaren wuta da humra, mai suna "Ƙamshin Gida". Da ya turo aikin, ɗiyata ta ga an rubuta `Free for personal use` a takardar da ta zo tare da salon haruffan. Shi kuma ya ce tunda ya mayar da rubutun zane, lasisi bai shafe mu ba. Ina shirin buga sitika 2,000, kuma ina son tambarin ya hau shafinmu na intanet. Yana da gaskiya?

Nura: Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina yaron bai yi kuskure ba, domin abin da muke yi ke nan kullum. Idan na rubuta suna a CorelDRAW na danna `Ctrl+Q`, wato `Convert to Curves`, rubutun ya daina zama rubutu, ya koma layuka da lanƙwasa kamar kowane zane, ba a iya goge harafi a sa wani, kuma fayil ɗin haruffan ba ya bin aikin zuwa ko'ina. Abin da ba ya cikin tambarin, ta yaya mai shi zai ce an ɗaukar masa? Ko a Amurka, inda aka fi kowa shari'a a kan irin wannan, dokar haƙƙin mallaka ba ta kare siffar harafi, fayil ɗin kawai take karewa a matsayin manhaja.

Malam Sabi'u: Nura, abin da ka faɗa game da `Ctrl+Q` daidai ne, amma ka tsallake matakin da rigimar take. Kafin yaron ya danna wannan maɓalli, sai da ya sauke fayil ɗin, ya girka shi a kwamfutarsa, ya buga sunan shagon Hajiya da shi, kuma ya karɓi kuɗin aiki. A nan aka yi amfani da fayil ɗin, kuma a nan sharaɗin ya hau. Mai haruffan ya ce ya yarda a yi amfani da kayansa kyauta muddin ba neman kuɗi ake yi ba, kamar katin gayyatar suna na gidanka ko aikin makarantar ɗanka. Tambarin da za a manna a kwalbar da ake sayarwa kuwa kasuwanci ne tsantsa, ko kwalba goma ake sayarwa a wata. Wanda ya ari keken ɗinki bisa sharaɗin kayan gidansa kawai zai ɗinka, ba zai ɗinka na kasuwa sannan ya ce ai babu keke a jikin rigar ba.

Mayar da rubutu zane yana warware matsala guda, wadda ita ce tafiyar fayil ɗin haruffa cikin wani fayil zuwa hannun wasu. Wannan sharaɗi ne daban, kuma kamfanoni daban suke sayar da shi. A MyFonts, shafin sayar da haruffa, alal misali, za ka ga `Desktop`, wanda ake lissafa kuɗinsa da yawan masu girka shi, da `Webfont`, wanda ake lissafawa da yawan buɗe shafi, da kuma `App` na manhajar waya. Mafi yawan lokaci `Desktop` ne ake yin tambari da shi, amma akwai masu haruffan da suke cire tambari su sa masa farashinsa, shi ya sa ake neman kalmar `logo` ƙarara a cikin takardar kafin a biya.

Alhaji Tanimu: Hajiya, ni ta fannin ɗab'i zan yi magana, kuma shawarata ita ce ki tabbata ya haɗo miki da fayil ɗin haruffan a filasha. Wata shekara wani mai sayar da yaji ya kawo mini aiki ba a mayar da shi zane ba, kwamfutarmu ba ta da salon da aka yi amfani da shi, sai ta musanya da wani ba tare da yaron da ke kan injin ya lura ba. Da aka sauke takardun, ɗ ɗin da ke cikin "daɗi" ya fito ɗan akwati babu komai a ciki, kuma ni na ɗauki asarar takarda da tawada. Tun daga ranar ba na karɓar aiki sai da haruffansa.

Malam Sabi'u: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma maganin da ka ɗauka shi ne ainihin abin da yawancin lasisin kuɗi suka hana, wato miƙa fayil ɗin ga wanda bai saya ba. Wasu suna yarda a ba maɗaba'a don buga wannan aikin kaɗai, wasu ba sa yarda sam. A wannan gaɓar Nura ne mai gaskiya: ka nemi a kawo maka aiki an riga an mayar da shi zane, ka huta da akwati, ka huta da lasisi.

Barista Hadiza: Ina son in gyara maganar Amurka da ƙanina Nura ya kawo. Gaskiya ne cewa a can siffar harafi ba ta samun haƙƙin mallaka, amma a shekarar 1998 kotu ta yanke wa Adobe hukunci mai kyau a ƙarar da ta shigar a kan Southern Software, bisa cewa fayil ɗin haruffa manhaja ce mai kariya. Sannan hukuncin wata ƙasa ba ya bin mutum zuwa wata. Birtaniya tana ba zanen haruffa kariya ta shekara 25. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta. Bayan haka, lasisi izini ne mai sharaɗi, kuma wanda ya fita daga sharaɗin ya fita daga izinin. Abin da ya fi damuna ga Hajiya shi ne ranar da sana'ar za ta bunƙasa, ta yi rajistar alamar kasuwanci, ta buga kwali da allon shago, sannan wasiƙa ta zo ana neman kuɗi a lokacin da sauya tambari ya zama tsada.

Nura: Barista, na karɓi gyara a kan doka. Sai dai a gaya mini, wane mai zanen haruffa ne zai baro ƙasarsa ya zo neman mai humra? Kuma a DaFont ake sauke waɗannan, shafin da kowa ya san na kyauta ne.

Malam Sabi'u: Saukewa ce kyauta. A saman maɓallin saukewa na kowane salo akwai ɗan rubutu, wani `100% Free`, wani `Free for personal use`, wani `Demo`, wani `Donationware`, kuma shafin da kansa ya ce wannan alama ce kawai, a duba takardar da ke cikin jakar. Ko wanda aka rubuta `100% Free` ba na amincewa da shi sai na buɗe `readme.txt`.

Akwai kuma abin da ba wanda ya tambaya, wato yadda aka yi Ƙ ta samu a tambarin. Irin waɗannan haruffan ado da wuya su zo da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, don haka akwai yiwuwar yaron ne ya yi mata ƙugiya. Idan bayan ya mayar da K zane ne ya ja mata lanƙwasa, ya gyara zane ne, kuma yawancin lasisin da suka yarda da tambari ba sa hana wannan. Idan kuwa ya buɗe fayil ɗin a FontForge, manhajar gyaran haruffa, ya ƙara harafi ya adana sabon fayil, ya sauya manhajar mutane, abin da lasisin kuɗi da yawa suka hana. A nan ne lasisin `SIL Open Font License`, wato `OFL`, wanda bugunsa na 1.1 ya fito a 2007, yake yi mana rana mu masu rubutun Hausa. Ya yarda da kasuwanci, ya yarda da tambari, ya yarda a cusa haruffan cikin fayil ko shafi, kuma ya yarda a ƙara harafi, da sharaɗin kada a sayar da fayil ɗin shi kaɗai, wanda aka gyara ya zauna a kan lasisin, kuma a sauya masa suna idan mai shi ya keɓe sunan da `Reserved Font Name`. Tambarin da aka yi da shi ba ya shiga ƙarƙashin lasisin. Yawancin abin da ke Google Fonts a kansa yake, kuma Andika da Noto Sans suna da haruffanmu tun asali, ko da yake ba zan ce suna da adon da mai turare ke so ba.

Hajiya Rabi: Malam, to batun shafin intanet fa? Kuma ina tura wa kwastomomi takardar farashi ta PDF, wadda ya rubuta sunayen turarukan da wannan salon.

Malam Sabi'u: Hajiya, idan an gyara batun lasisin tambarin, sa shi a shafi a matsayin hoto na PNG ba ya buƙatar komai, domin haruffa ba su tafi ba. SVG ne yake da tarko, don ana iya adana shi rubutun yana nan da ransa. Ɗiyarki ta buɗe shi da Notepad, idan ta ga `<text` ba a mayar da shi zane ba, idan `<path` kawai ta gani an mayar. Amma idan mai gina shafin ya ɗora fayil mai ƙarewa da `.woff2` don kanun shafi su dace da tambari, wannan cusawa ce, kuma ita ce `Webfont` ke rufewa.

Takardar farashin ma cusawa ce, sai dai mai sauƙi, domin PDF yakan ɗauki haruffan da aka yi amfani da su kawai. A Acrobat Reader a danna `Ctrl+D` a shiga `Fonts`, duk sunan da aka gani da `Embedded Subset` a gefensa yana cikin takardar. A Windows kuma, idan aka danna fayil ɗin haruffan da maɓallin dama aka shiga `Properties` sannan `Details`, layin `Font embeddability` zai nuna `Installable`, `Editable`, `Preview/Print` ko `Restricted`. Kada a ruɗu da shi, domin masu zane da yawa suna barinsa yadda manhajarsu ta sa, ana iya ganin `Installable` a salon da takardarsa ta hana kasuwanci, kuma takardar ce abin bi.

Da ni ne, zan dakatar da sitikar na kwana biyu, in nemi adireshin mai haruffan a cikin `readme.txt`, in sayi lasisin kasuwanci da ya ambaci tambari da PDF, in adana rasit da kwafin sharuɗɗan na ranar. Idan adireshin ya mutu, ko farashin ya yi nauyi, a sake rubuta sunan da salo mai `OFL` tun ba a buga komai ba.

Barista Hadiza: A sayi lasisin da sunan sana'ar Hajiya, domin ita ce za ta zauna da tambarin bayan yaron ya tafi, kuma ita wasiƙa za ta samu.

Malam Sabi'u: Barista, a nan ban bi ki gaba ɗaya ba. Lasisin `Desktop` na wanda ya girka fayil ɗin ne, kuma yaron ne ya girka. Idan zanen kawai zai miƙa, sharuɗɗa da yawa sun wadatu da nasa. Sai in ɗiyar Hajiya za ta riƙa sabunta farashi da kanta ne ake buƙatar na biyu. Akwai dai masu haruffan da suka ce mai tambarin ne zai saya, don haka sai mun ga takardar.

Nura: Kuma wa zai biya? A kuɗin da ake ba mu na tambari, idan aka ce mu sayi lasisi da dala, aikin ya zama sadaka.

Hajiya Rabi: Ɗiyata ta buɗe takardar, akwai adireshin imel, kuma an rubuta `contact me for commercial use`, babu farashi. Na sa ta rubuta masa, na kuma ce wa yaron ya gwada mini sunan da salo biyu masu `OFL` kafin amsa ta zo. Batun wanda zai biya kuwa, Nura, ni ban ce masa ya ɗauko mai sharaɗi ba, shi kuma ya ce ban ce masa kada ya ɗauko ba.