Lambar shafi ta ƙi zama daidai a kundin digirina

Salama. Kwana uku ke nan ina fama da Word a kan kundina mai shafi 186. Kanun babi na sa musu Heading 1, ƙananan kanu Heading 2, na haɗa su da Multilevel List, kuma 2.1 da 2.2 suna fitowa lafiya lau. Jerin abubuwan ciki ma ya fito.

Lambar shafi ce ta tsaya mini a wuya. Ana so shafukan farko, daga sadaukarwa zuwa taƙaitawa, su ɗauki i, ii, iii, Babi na Ɗaya kuma ya fara daga 1. Na sa Section Break (Next Page) kafin babin, na kashe Link to Previous a ƙasan shafi, na zaɓi Start at 1. Babi na Ɗaya ya yi daidai. Amma Babi na Uku, inda na kwantar da shafi biyu saboda wani faffaɗan jadawali, sai lambar ta koma 1, bayan jadawalin ta sake komawa 1. Yanzu jerin abubuwan ciki yana nuna Babi na Huɗu a shafi na 9, alhali na 97 ne. Na danna F9, bai gyaru ba.

Don Allah, yaya zan sa sassan da ke bayan Babi na Ɗaya su ci gaba da ƙirga ba tare da na ɓata i, ii, iii na farko ba?