An biya ni fiye da albashina, yanzu za a cire a wata uku

Rabi, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Kontabul ɗin wurin aikinmu ya gano an yi wata takwas ana biya na a matakin da ba nawa ba, rarar ta kai jika 120. Albashina na gaskiya jika 150 ke shigowa hannu, banki kuma na ɗaukar 35 na bashi. Sun ce za su cire jika 40 kowane wata har wata uku. Yaya zan yi?

Iliya: Kuskurensu ne, kada ki biya ko dala.

Malam Sani: A'a Iliya, kuɗin da aka biya bisa kuskure ana maido shi. Abin da ake tattaunawa shi ne nawa, kuma cikin wata nawa.

Malama Rabi, ki fara lissafi daga buƙatar gida. Bayan banki jika 115 ke rage miki. In suka cire 40, saura 75. Ki haɗa haya, cefane, wutar NIGELEC, ruwa da kuɗin lakwal na yara. A ce sun kai jika 100, to sararinki 15 ne kawai, 120 a raba da 15 wata takwas ke nan. Amma ni da wata goma sha biyu zan fara nema, jika 10 a wata, ya rage miki 105, don takwas ɗin ba ta bar miki ko kuɗin magani ba.

Sai ki duba takardun albashin watannin takwas. Jika 120 ɗin nan, kafin a cire CNSS da ITS ne ko bayan an cire? In kafin ne, ba duka ya shiga hannunki ba, kason CNSS kaɗai na 5,25% ya ci sefa 6.300, ban da haraji. Ko dai su cire daga sama, haraji ya ragu da kansa, ko su nemi abin da kika karɓa a hannu kawai.

Hajiya Zali, Yamai: Ni an taɓa yi mini, da baki muka shirya, aka canza kontabul, aka ci gaba da cira wata biyu bayan bashi ya ƙare. Ƙanwata, a rubuta jimillar, kuɗin kowane wata, watan farko da na ƙarshe, ku sa hannu, kuma ya fito a layinsa daban a takardar albashi.

Iliya: To ai doka ta sa iyakar abin da ake taɓawa a albashi.

Malam Sani: Ta sa, kuma tana hawa gwargwadon albashi. Ko bashin banki na cin wani ɓangare na iyakar, wannan sufeton ƙwadago na Tawa zai fayyace. Rabi ta je da takardunta kafin ta sa hannu.

Rabi: Na gode. Sai dai kwantiragina saura wata bakwai.

Hajiya Zali: To lalle a rubuta yadda za a yi da ragowar, in ba haka ba daga kuɗin sallamarki za su nemi kwashe shi lokaci guda.