Neman shawara: wa zan fara tallata wa garin kunun gyaɗata?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Tun rasuwar mahaifiyata, wadda a wajenta na koyi haɗa kunun gyaɗa, nake da burin mayar da shi sana'a, sai bana da na kwashi adashen naira 400,000 na sayo gyaɗa da shinkafa a Dawanau, duk da cewa maigidana ya so in sayi keken ɗinki. Na ƙulla garin a leda mai rabin kilo a kan naira 2,500, ina son ɗalibai da matan gida da ma'aikata duk su saya. Da wa zan fara?

Malam Sabi'u: Hajiya, mutanen nan uku ba abu ɗaya suke saye ba. Matar gida da ke da lokaci da injin niƙa a bakin layi za ta lissafa kuɗin kwanon gyaɗa, ta ga kin tsawwala. Ɗalibar da ke ɗakin kwanan Jami'ar Bayero tana so, amma ba za ta fitar da 2,500 a lokaci guda ba, sai dai ƙaramin ƙulli na kofi ɗaya. Ma'aikaciyar da ke fita ƙarfe bakwai, bayan ta sallami 'yan makaranta, ita ce ledarki da farashinki suka dace da ita, domin sauƙin safiya take saye. Ki kai leda talatin ofisoshi biyu, sannan ki ƙirga waɗanda suka dawo da kansu, tunda sayen farko sau da yawa kunya ce.

Anti Rabi: Ni dai ban yarda a ware kowa ba, ciniki rabo ne. Ki jira azumi, lokacin da kowane gida ke dama kunu.

Ummu Khalil: Ki dai guji masu shago. Na ba wani katan huɗu na yajina, wata biyar ke nan ina bin kuɗina, kullum sai ya ce kasuwa ce ba ta motsi.

Maman Hanifa: Na gode, Malam, amma na riga na buga leda 2,000 da rubutun "Kunun Kowa da Kowa", kuma maƙwabtana, waɗanda duk matan gida ne, sun yaba ƙwarai.

Malam Sabi'u: Da kuɗinsu suka saya, ko ɗanɗano kika aika musu? Har yanzu kuma ba ki faɗi nawa kowace leda ta ci miki ba. Azumi wata ɗaya ne, Anti, garin gyaɗa kuwa mai ne da shi, idan ya daɗe a zafin Kano yana sauya wari. Ledar ba asara ba ce, a liƙa mata ƙaramar takarda da ke cewa ana damawa cikin minti biyar.

Maman Hanifa: Kyauta na ba su, amma na san su, za su saya. Zan fara da unguwarmu tukuna.