Widal 1:160: taifot ne ko ba taifot ba?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ga takardar gwajin ƙanena: S. typhi O 1:160, H 1:80. Kwana uku ke nan yana zazzaɓi. Abin ya yi muni ne?

Mai kemis: Wa alaikumus salam. Malam, duk abin da ya kai 1:160 taifot ne. A fara masa magani yau.

Ma'aikaciyar lab: Alhaji, a nan na saɓa da kai. Gwajin Widal ba ya ganin ƙwayar cutar taifot, wato S. typhi, garkuwar da jini ya haɗa a kanta yake aunawa. Ana tsarma ruwan jinin ne kashi-kashi, 1:160 kuwa na nufin an tsarma shi ninki 160 amma garkuwar ta ci gaba da nunawa. A garuruwanmu da taifot ke yawo, wanda ya taɓa yi ko aka yi masa rigakafi zai iya nuna haka lafiyarsa ƙalau. Maleriya ma takan ɗaga shi. Sannan dubi kwanakin: garkuwar O takan ɗauki kusan mako guda kafin ta tashi, shi kuwa yau kwanansa uku.

Wani ɗan zaure: To ke nan maleriya ce, ya sha maganinta kawai.

Ma'aikaciyar lab: Ban ce haka ba. Takardar ba ta tabbatar da taifot ba, ba ta kuma kore shi ba.

Likita: Haka ne, Hajiya. Ban taɓa cikin yaron ba, don haka ba zan raɗa wa ciwon suna ta hoto ba. Malam, a kai shi asibiti yau a yi gwajin maleriya, minti 20 ya isa. In an samu hali a ɗebi jini don blood culture, wato gwajin rainon ƙwayar cutar a kwalba, kafin ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin kan hana ƙwayar tsirowa a kwalba. Sakamakon yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Amma in cikinsa ya ƙulle ya yi tauri, ko ya yi baƙin bayan gida, ko ya fara sambatu, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, kada a jira wata takarda, a nufi sashen gaggawa. Taifot kan huda hanji, galibi a mako na uku.

Mai kemis: Likita, ranka ya daɗe, asibiti nawa ne a karkara ke yin blood culture ɗin? Ko an yi ɗin ma ba kullum yake kama ƙwayar ba.

Likita: Wannan gaskiyarka ce, yakan kuskure kusan rabin masu cutar. Inda babu shi, wanda ya duba mara lafiya ido da ido zai iya ba da magani bisa alamu. Abin da na ƙi shi ne a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin saboda lamba ɗaya, ga shi ƙwayar tana ƙara bijire masa.

Mai tambaya: Na gode. Cikinsa lafiya, sai ciwon kai. Yanzu za mu tafi.